Yadda Abdulsalami Ya Nemo Furfurarsa

A layin 'yan yadi na Kasuwar Muda Lawal, idan ka ce kana neman Abdulsalami za a tambaye ka wanne. Idan ka ce Abdul Gayu kuwa, ko mai turin baro zai kai ka har ƙofar shagonsa. Can za ka same shi zaune kan benci tsakanin shadda da boyel, hula a karkace, gemu baƙi wuluk yana ƙyalli kamar an goge takalmi. Shekararsa hamsin da shida, amma wanda bai san shi ba, da ƙyar ya ba shi arba'in. Shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa lissafi ba.

A Gwallaga aka haife shi, shi ne auta a ɗakinsu. Ya taso ana yi masa komai, ana kuma yanke masa komai. Ya buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa har gwiwa ta ce ta gaji, sannan yayansa Sabitu ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kasuwa. Duk wata hidima ta gidan, suna ne, biki ne, rabon faɗa ne, ta'aziyya ce, Yaya Sabitu ne a gaba. Aikin Abdulsalami shi ne ya ci ado ya zo a makare, ya gaisa da jama'a, ya sa kowa dariya. Ya kuwa iya wannan aiki sosai.

Furfura gadon gidansu ce, da wuri take zo musu. Yana da shekara ashirin da takwas ta fara leƙowa a sajensa, daidai lokacin da yake neman A'i. Wata rana ya je zance, ƙawarta ta fito ta gan shi, ta koma ciki da gudu tana cewa, “A'i, babanki ya yi baƙo.” A'i ta yi dariya ta manta. Shi bai manta ba. Washegari ya sayo dayis, baƙin rinin gashi, ya shafe kai da gemu. Tun daga ranar, duk bayan mako biyu, ran Alhamis da hantsi, sai an dama rini a murfin gwangwani an bi gashi da tsohon buroshin goge baki. Da farko da kansa yake yi. Bayan aure A'i ta karɓi aikin, don ta gaji da ganin baƙi a kunnensa da wuyan rigunansa.

Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa rina furfura da baƙi ba abin so ba ne, in dai sai an rina, a yi da lalle. Abdulsalami yana jin wa'azin, yana gyaɗa kai, yana shafa gemu. A ganinsa da wasu ake.

Bara Allah ya yi wa Yaya Sabitu rasuwa. Sauran mazan ɗakin sun riga shi tafiya, saura mata biyu da ke aure a nesa. Sai ga auta ya wayi gari shi ne babba. Bai ji nauyin abin ba sai ranar da Mansir, babban ɗan marigayin, wanda ke koyarwa a wata makarantar sakandare, ya zo shago ya durƙusa yana sosa ƙeya.

“Baffa, akwai wata yarinya a Gubi, Aishatu. Mun daidaita. Sun ce in turo magabatana.”

Abdulsalami ya ji daɗi har ransa. Ya ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne. Ran Asabar an gama.”

Ran Asabar ya fito da sabon kaftani ɗamamme, ruwan sararin sama, ya ɗora tabarau baƙi. An yi rini shekaranjiya, gemu yana kan ganiyarsa. Ya ɗauki abokansa biyu na kasuwa, waɗanda su ma ba baƙi ba ne a wurin mai sayar da dayis, suka shiga keke mai ƙafa uku da goro da alewa sai Gubi.

Wanda zai ba da auren shi ne Malam Mijinyawa, yayan mahaifin yarinyar, tsohon manomi mai gemu fari fat. Ya karɓe su a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Abdulsalami ya gyara murya zai shiga magana, sai tsohon ya leƙa ƙofa ya ce, “Manyan naku suna tafe a baya ne?”

“Ai mu ne, Malam. Ni ne ƙanin mahaifin yaron.”

Malam Mijinyawa ya dube shi daga hula har takalmi, ya dubi abokan. Sannan ya ce, cikin ladabi mai zafi, “Madalla. Mun gode da ziyara. Amma mu a gidan nan, maganar aure dattawa ke yin ta. Yaron nan maraya ne, na sani. Sai dai ko maraya yana da wani mai furfura a danginsa. Ku je ku ce musu ina jiran su bayan an cire amfanin gona. In sun zo, bismilla. In ba su zo ba, na gane ba a shirya ba, kuma yarinya ba ta rasa manema ba.”

Abdulsalami ya buɗe baki zai faɗi shekarunsa, sai bakin ya ƙi. Shekara ashirin da takwas yana ɓoye lambar nan, ba ta saba fita ba. Aka mayar musu da goronsu. Suka shiga keke suka dawo gari.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Mansir bai yi fushi ba. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Ba komai, Baffa.” A'i ce ta kawo shawarar a roƙi limamin unguwa ya je a madadinsu, tunda gemunsa ya isa a ba shi mata huɗu a zama ɗaya. Mansir ya ce, “Liman zai iya raka mu, Inna. Amma kafin Baba ya rasu, ya ce mini duk ranar da zan yi aure, Baffa ne ubana. Ni ba na son wani ya karɓa mini.”

Nan ne kunya ta kama Abdulsalami, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tashi ya shiga banɗaki da sabulun wanki da lemun tsami. Ya dirji gemu har fatar haɓarsa ta yi ja. Ya fito, gemu na nan baƙi ƙirin, sai dai ya bushe ya yi tsaye kamar tsintsiya.

Washegari ya tafi wurin Istifanus. Istifanus mutumin Bogoro ne, ya fi shekara talatin yana aski a wani ɗan shago a Gwallaga, kusa da masu gyaran babur. Sa'an Abdulsalami ne, kansa kuwa toka-toka, bai taɓa ɓoye shi ba. Shi ne yake yi wa Abdulsalami saisaye da gyaran fuska tun suna samari, kuma shi kaɗai ne a garin Bauchi, ban da A'i, ya san abin da ke ƙarƙashin baƙin nan.

Da ya ji labari sai da ya kashe kilifa ya zauna, saboda dariya. Ya ce, “Wato kai da ka kori furfura shekara da shekaru, yanzu kai ne kake nemanta da gaggawa?”

“Istifanus, ba wasa na zo ba. Cire mini wannan abin yau.”

“Ba ya ciruwa, Abdul. Rinin nan ya shiga cikin gashi, ba a bisa yake ba. Wanki ba ya fitar da shi. Akwai maganin da ke kashe launi, amma a kan baƙi irin naka ja-ja zai mayar da shi, kamar gashin masara, ya karya gashin, ya ƙona maka fuska. Ni dai ba zan sa maka ba.”

“Lalle fa?”

“Lalle ba ya hawa kan baƙi. Farin da zai fito daga ƙasa shi zai kama. Ka tashi da gemu ja a gindi, baƙi a baki. Kana so?”

Abdulsalami ba ya so. Wani mai jiran layi ya sa baki ya ce a shafa hoda ko alli ranar tafiya kawai. Istifanus ya ce, “To, in ya yi gumi a zauren mutane fa? Furfurar ta gangaro kan riga?”

Ya ja kujera kusa, ya yi masa bayani dalla-dalla. Hanya ɗaya ce: a bar sabon gashi ya fito, a riƙa yanke tsohon. Kai mai sauƙi ne, a bar shi mako biyu ko uku, a yi ƙasa da shi sosai, baƙin ya tafi. Gemu ne aiki. Ko a aske shi tas a fara sabo, ko a yi haƙuri. Abdulsalami ya ce ko kusa ba za a aske ba. Rabon haɓarsa da ganin rana tun yana makaranta, kuma in ya shiga masallaci ba gemu, har ladan sai ya tambaye shi lafiya.

“To sai haƙuri. Gemu a wata yakan yi kamar faɗin farcen ɗan yatsa. Yaushe ne tafiyar?”

“Kamar mako bakwai.”

“Zai isa, in ka yarda ya gajarta. Duk mako ka zo in rage bakinsa da almakashi. Amma ka rantse ba za ka taɓa rini ba. Shafa ɗaya, mun koma farko.”

Abdulsalami ya rage murya. Ya ce, “Ba za a iya raba furfurar ba? A bar fari kaɗan nan gefe da nan haɓa, sauran a ci gaba da rinawa? Irin na manyan ma'aikata.”

“Ana yi. Akwai waɗanda nake yi wa, in bi wasu wurare da rini da bakin mataji in tsallake wasu. Yana kyau. Amma sai na fara ganin abin da Allah ya ba ka tukuna. Kai kanka ba ka san yawanta ba.”

Gaskiya ne, bai sani ba. Furfurar da ya sani ita ce 'yar kaɗan ɗin nan ta saje, ta lokacin zance.

Mako na farko lafiya lau. A na biyu wani farin layi ya bayyana a gindin gemu, siriri, kamar an zana da alli. A na uku layin ya yi faɗi, kasuwa kuwa ta samu abin yi. Maƙwabcin shagonsa ya ce gemun Abdul ya sa safa. Wani ya tambaya ko fenti ne ya ƙare wa mai aikin. Abdulsalami, wanda ya saba shi ke tsokanar mutane, ya koma naɗa rawani har haɓa a tsakiyar zafin rana, yana cewa mura yake yi.

Ranar da ta fi masa ciwo, wata budurwa ce ta zo sayen yadi, irin waɗanda da suke ce masa Yaya Abdul. Ta taya, ya ƙi, sai ta ce, “Haba Baba, a duba dai.” Ya sallama mata ba tare da ya san ya sallama ba. Ya rufe shago tun kafin la'asar. A hanya ya tsaya ya sayi kwalin dayis, ya sa a aljihu.

A gida ya ajiye shi gaban A'i. Ta dubi kwalin, ta dube shi. Ta ce, “In ka ce in dama, zan dama. Amma kai za ka gaya wa Mansir, ba ni ba.” Sai ta zame ɗankwalinta, ta sunkuyo masa da kai. Tsakanin kitson, fari ne jere-jere.

“Yaushe wannan ya fito?”

“Ya fi shekara goma. Kullum kana gaban madubi, ina za ka gani? Ni ina tsufa a gidan nan ni kaɗai, Malam. A biki har an taɓa tambayata ko kai ƙanina ne. Na yi dariya, amma ban ji daɗi ba.”

Abdulsalami ya ɗauki kwalin. Ya juya shi, ya karanta rubutun jikinsa kamar bai taɓa gani ba. Da safe ya kai wa Istifanus ya ce ya ba wani mai bukata.

Daga nan aiki ya miƙe. Istifanus ya yi ƙasa da sumar kai, ya fi ragewa a gefe da ƙeya, inda farin ya fi yawa, ya bar ta tana ƙaruwa a hankali zuwa sama, har ba ka gane inda fari ya tsaya toka-toka ta fara. Saje ya haɗe da kai ba wata iyaka. Gemu kuwa ba ya yanke shi a miƙe, don kada layin ya fito fili. Yakan ɗaga shi da mataji, ya riƙa tsinkar bakin gashin da kan almakashi, nan dogo nan gajere, sai baƙin ya warwatse cikin farin. A mako na biyar masu tsokana suka fara rasa abin faɗa. Wani dattijo da ke sayen farin yadi a wurinsa shekara da shekaru, wanda bai taɓa wuce gaisuwa ba, ya zauna a bencinsa ya nemi shawararsa kan rikicin 'ya'yansa. Abdulsalami ya waiga ya ga ko da wani ake.

Ran Juma'ar ƙarshe, ana gobe tafiya, ya zauna a kujerar Istifanus bayan an sauko daga masallaci. Baƙin rini ya rage a ƙasan haɓa kawai, kamar rabin gaɓar yatsa. Istifanus ya riƙe wurin da mataji ya ce, “To, ga inda muke. In na bar wannan, gemu zai fi tsawo, kuma zai rage maka shekara biyar. Daga baya in bi maka wasu wurare da rini yadda ka ce. In na cire, shi ke nan, kai ne da kanka.”

Abdulsalami ya dubi madubi. Ba duka ya yi fari ba, ashe. Gashin baki yana da sauran baƙinsa na Allah, kumatu toka-toka, haɓa ce ta yi fari sol. Fuskar ta yi masa baƙunta, amma ba ta yi muni ba. Ya ji tsoro ƙarara, irin na wanda zai sauka daga mota a garin da bai sani ba.

Ya ce, “Cire.”

Almakashi ya yi ƙas-ƙas sau kaɗan. Baƙin ya zuba kan ƙyallen da ke wuyansa, Istifanus ya kakkaɓe shi ƙasa.

Ran Asabar ya sa farar babbar riga, ya bar tabarau a gida. Liman ya raka shi, da wani maƙwabci. A Gubi an gama girbi, dawa jibge a ƙofar gidaje. Malam Mijinyawa ya fito, ya ga baƙi, ya sa aka ɗauko sabuwar tabarma. Ya ba liman hannu, sannan ya riƙe hannun Abdulsalami da hannu biyu, ya daɗe yana kallon fuskarsa. Tsohon ba makaho ba ne. Ya gane shi sarai, har gefen bakinsa ya motsa.

Aka zauna, liman ya yi addu'a, ya nuna Abdulsalami ya ce ga uban yaro. Abdulsalami ya yi magana a natse. Ya faɗi sunan mahaifinsu da na kakansu, ya faɗi halin Mansir, mai kyau da wanda ke bukatar gyara, ya ce in an ba su, duk abin da ya taso a gidan yaran, ƙofarsa za a buga. Shi kansa ya yi mamakin inda kalmomin suke fitowa.

Malam Mijinyawa ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, “Madalla. Haka ake yi. Amma Alhaji, in tambaye ka. Wani yaro da kuka turo mana kwanaki, mai tabarau, yana ina? Ban gan shi cikinku ba.”

Liman ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Abdulsalami ya so ya mayar da wasa, don wasa ba ya ba shi wuya. Amma da ya buɗe baki sai idonsa ya kawo ruwa. Ya yi kewar yaron nan ƙwarai, ya kuma san a nan suka rabu.

Ya ce, “Ya yi tafiya, Malam. Ba na jin zai dawo.”

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Allah ya kai shi lafiya. Miƙo goron, Alhaji. Mun ba ɗanka.”